Ranar da Instagram ya riƙe wa 'yar atamfa hannu

Ana saura kwana tara Sallah ƙarama ɗiyar yayata ta kira ni da daddare, muryarta na rawa. Tana sarin atamfa da leshi a Kantin Kwari tana sayarwa ta Instagram, kuma da wannan cinikin take biyan kuɗin makarantarta. "Kawu, an yi mini kutse," ta ce. "Komai na taɓa ba ya taɓuwa." Na ce ta karanta mini abin da ke kan wayar. Ta karanto da ƙyar: `Try Again Later`, a ƙasansa kuma `We restrict certain activity to protect our community`. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan rubutun daga Instagram ɗin ya fito. Shafinta na nan, hotunanta na nan, mutane na ganin kayanta, ita ce dai aka hana ta yin folo da laik na ɗan lokaci.

Wannan takunkumi ya bambanta da rufe shafi, kuma mutane da yawa suna rikita su. Wanda aka rufe wa shafi ba ya iya shiga sam. Wanda aka sa wa takunkumin aiki kuwa yana shiga, yana kallo, amma da ya danna folo sai maɓallin ya canza kala ya koma yadda yake, da ya danna zuciya sai ta yi ja ta sake yin fari, ko kuma saƙon inbos ya ƙi tafiya. Wani lokaci rubutun da ke fitowa `Action Blocked` ne. Wani lokaci abu ɗaya kawai ake hanawa, a bar sauran. Akwai wanda ake rubuta masa ranar da za a sake shi, akwai wanda ba a faɗa masa komai.

Washegari na je gidansu, muka zauna a tsakar gida na ce ta ba ni labarin abin da ta yi jiya tun daga la'asar. Wata ƙawarta ce ta koya mata dabara: ki buɗe shafin wata babbar mai sayar da kaya, ki shiga jerin mabiyanta, ki yi ta binsu, wasu za su rama. Bayan kwana biyu ki cire waɗanda ba su rama ba. Ta ce ta bi mutum kusan 200 tsakanin shan ruwa da sallar isha'i, abin da bai wuce minti 40 ba. Muka yi lissafin tare: mutum biyar a minti ɗaya, wato duk daƙiƙa 12 ta bi sabon mutum, ba tsayawa. Babu shafin da ta buɗe ta duba, babu hoton da ta tsaya ta kalla. Daga nan ta kwafi saƙo guda, "Sabbin kayan Sallah sun sauka, ga farashi," ta liƙa shi a inbos ɗin mutanen da ba su taɓa yi mata magana ba, ɗaya bayan ɗaya.

Ita a zuciyarta talla take yi, neman halal. Na'urar da ke lura da shafuka ba ta san wannan ba, salon motsi kawai take karantawa. Mutumin da ke kallon waya don kansa yana tafiya yana tsayawa: ya kalli bidiyo, ya wuce biyar bai taɓa ba, ya yi laik ɗaya, ya ajiye wayar ya tafi ya dawo. Inji kuwa aiki ɗaya yake maimaitawa da tazara kusan iri ɗaya, kuma ga mutanen da ba shi da wata alaƙa da su. A wannan daren ɗiyar tawa ta yi aiki irin na inji da yatsanta. Ga kuma waɗanda ta tura wa saƙon: duk wanda ya ji haushi ya danna rahoto ko ya toshe ta, ya ƙara wa zargin nauyi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, to nawa aka yarda a yi? Akwai adadin da Instagram ya bayyana: shafi ɗaya ba zai bi fiye da shafuka 7,500 ba gaba ɗaya. Amma na awa ko na yini bai wallafa ba, kuma da gangan ne, don ranar da aka ce ga iyaka, masu inji za su saita kayansu su tsaya taku ɗaya kafin ita. Shi ya sa nake gargaɗin mutane kan jadawalin da ake yawo da su, masu cewa ka bi kaza a awa ba abin da zai same ka. Hasashe ne. Iyakar ma ba ɗaya ba ce ga kowa: shafin da aka buɗe makon jiya ba a ba shi sararin da ake ba wanda ya shekara biyar yana hulɗa da mutane, haka wanda aka taɓa kamawa ya fi saurin sake faɗawa. Dandalin X shi ya faɗi nasa a fili, mutum 400 a rana, kuma idan ka kai 5,000 sai yawan masu bin ka ya ƙaru kafin a bar ka ka ci gaba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sauƙi. Irin wannan takunkumin na gaggawar hannu yakan sauka da kansa bayan wasu awanni ko kwana ɗaya zuwa biyu. Nata ya sauka a rana ta biyu, ta yi laik uku, ya dawo. A nan na gane akwai wani abu a ƙasa. Na karɓi wayar na duba manhajojin da ke ciki, sai ga wata da ke alƙawarin nuna maka wanda ya daina bin ka, tana kuma ba da maki da za ka canza su zama mabiya. "Wannan fa?" Ta ce ai tun watan Rajab ta sauke ta, ta ma manta da ita. "Da kika buɗe ta me ta nema?" Ta ɗan sunkuyar da kai. "Sunana da kalmar sirri, Kawu."

Wannan shi ne gindin matsalar, kuma shi na fi so mai karatu ya fahimta. Manhajar da ta karɓi kalmar sirrinka ba a cikin wayarka kaɗai take aiki ba. Yawancinsu suna ɗauke bayanan shiga su kai wata kwamfuta a wata ƙasa, daga can su riƙa shiga shafinka da sunanka. Mabiyan da suke ba ka ba daga sama suke faɗowa ba, shafukan wasu ne irinka da suka ba da tasu kalmar sirrin. Kai ma haka ake juya naka: kana barci shafinka yana bin baƙi, yana yi wa hotunan da ba ka taɓa gani ba laik. Adashe ne da aka sa ka ciki, ana zubi da sunanka ba tare da saninka ba. Daga ɓangaren Instagram abin da ake gani shi ne shafin da ke Kano yanzu, bayan minti kaɗan kuma yana wata nahiya yana danne-danne. Saboda haka duk haƙurin da ta yi na ajiye waya bai amfana ba, domin wancan hannun bai huta ba.

Yaƙi da irin waɗannan kayan ya daɗe. A 2017 aka tilasta wa Instagress, ɗaya daga cikin shahararrun masu yi wa mutane folo da laik ta inji, rufe aikinsa. A watan Nuwamba na 2018 Instagram ya sanar cewa zai riƙa goge laik da folo da sharhin da aka samu ta irin waɗannan manhajoji, yana kuma tura wa masu shafukan saƙo su canza kalmar sirri. Duk da haka sababbi ba su daina fitowa ba, saboda masu neman mabiya cikin dare ɗaya ba su ƙare ba.

Hujjar ba ta yi wuyar samu ba. Muka buɗe jerin waɗanda take bi, muka yi ƙasa, sai ga shafukan da ko harshensu ba ta iya karantawa. Muka shiga `Accounts Center`, sannan `Password and security`, sannan `Where you're logged in`. Wayarta na nan, ga kuma wasu na'urori biyu da ba ta sani ba. Ta fitar da su. Ta canza kalmar sirri, wanda shi ne ainihin abin da ke yanke igiyar, don goge manhajar daga waya kawai ba ya ƙwace mabuɗin da aka riga aka ba ta. Ta kunna tabbacin shiga mai mataki biyu. Muka leƙa `Apps and websites` muka cire abin da ba ta gane ba, sannan muka goge manhajar. A ƙarshe muka duba `Account Status` don ganin ko akwai wani laifin dabam da aka rubuta mata, babu.

Sai kuma abu mafi wuya ga mai kayan Sallah a hannu, wato jira. Na roƙe ta kada ta riƙa gwadawa duk bayan minti goma ta ga ko an sake ta, domin kowane gwaji wani ƙwanƙwasa ne a ƙofar da aka ce a dakata, kuma yana iya tsawaita zaman. Na hana ta kuma abin da ta fi so ta yi nan take, cire baƙin shafukan nan gaba ɗaya. Cire mutane da sauri a jere shi ma aikin inji ne a idon na'urar, kuma yana jawo takunkumi kamar yadda bin su yake jawowa. Maɓallin `Tell us` da ke fitowa tare da saƙon an yi shi ne don wanda yake ganin kuskure aka yi masa. Ba laifi a danna shi sau ɗaya, amma ba mabuɗi ba ne.

A cikin kwanakin nan wani ya yi mata magana cewa shi ƙwararre ne, ta turo kuɗi da lambar da za a aiko mata a waya, zai buɗe mata cikin awa guda. Allah ya sa ta tambaye ni tukuna. Babu wani mutum a waje da ke da ikon ɗage wannan takunkumi, kuma lambar da yake nema ita ce za ta mallaka masa shafin. Wannan abin yana ƙona mini rai, domin matan da ke faɗawa hannunsu galibi masu ƙaramin jari ne da suka shekara suna tara kwastomomi ɗaya bayan ɗaya.

Cinikinta bai tsaya cak ba, don an bar ta tana ɗora hotuna tana kuma amsa wa waɗanda suka fara yi mata magana. Tsoffin kwastomominta ta neme su ta WhatsApp, na ja mata kunne a can ma: tura saƙo ɗaya ga tarin lambobin da ba su ajiye taka ba, ko amfani da jabun manhaja irin GB WhatsApp da ta cika wayoyin mutanenmu, suna jawo dakatarwa, wani lokaci har a rufe lambar. Ta sa kayan a sitatus, ta bar masu so su neme ta.

A rana ta huɗu bayan canza kalmar sirri ta danna zuciya a hoton wata kwastoma, ta tsaya ja. Baƙin shafukan kuwa ta ɗauki kusan wata guda tana cire su, kaɗan da safe kaɗan da dare, tsakanin ɗaurin kaya da kiran ɗan sahu.