Lissafin Ruwan Hasumiyar Sanyaya Ruwa a Masana'anta

A ce ruwa na shiga hasumiya da zafin digiri 35, ya fito da 30: ragin zafi digiri 5 ne. Idan jiƙaƙƙen ma'aunin zafin iska ya nuna 26, tazara digiri 4 ce, kuma matse ta na buƙatar babbar hasumiya.

Idan lita 100,000 ke zagayawa a awa, kimanin lita 900 kan tashi tururi, gishiri ya zauna. Domin kada gishirin ya wuce ninki 4 na sabon ruwa, a raba 900 da 3, a zubar da lita 300. Ruwan ciko ya zama lita 1,200. In an ƙi zubarwa, farin dutse zai toshe bututu, ko da an zuba magani.