Kafin ka danna Enter: yadda ake koya wa sabbin masu haɗa manhaja taɓa bayanan jama'a

Duk lokacin da ka sayi data a manhajar wayarka, ana rubuta layi guda a wani rumbun bayanai: lambarka, nawa ka biya, da ko datar ta shiga. Rumbun da ke riƙe da bayanan masu amfani na gaske shi masu haɗa manhaja ke kira furodakshan, saɓanin na gwaji da ake wasa da shi. Wani lokaci abu kan maƙale, dole mutum ya shiga da hannunsa ya rubuta umarni a harshen SQL don ya gyara. A nan ake yin ɓarna, kuma galibi cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba.

Wani shugaban tawaga a wani ƙaramin kamfanin sayar da data yana da 'yar takarda da yake ba kowane sabon ma'aikaci kafin a ba shi kalmar sirrin rumbun. Ba ta da tsawo. Rumbunsu PostgreSQL ne, kuma kusan duk abin da ke cikinta ya rataya ne a kan lamba ɗaya: layuka nawa umarninka zai taɓa, kuma ka san adadin tun kafin ka aika shi?

Abu na farko da yake nema shi ne mutum ya tabbatar da inda yake. Allon rumbun gwaji da na gaske kamarsu ɗaya, baƙin allo da rubutu. A manhajar psql, rubuta `\conninfo` zai nuna sunan rumbun da na na'urar da aka haɗu da ita. Misalin da yake kawowa shi ne na GitLab, ranar 31 ga Janairu 2017, lokacin da wani injiniyansu ya goge bayanai a babban rumbu yana zaton yana kan na biyu ne. Kamfanin ya yi asarar bayanan kusan awa shida. Shi ba SQL ya rubuta ba, amma kuskuren iri ɗaya ne.

Daga nan takardar ta shiga misalin da ta fi daɗewa a kai. A ce kamfanoni biyu da ake saro data daga wajensu, masu lamba 2 da 5, sun samu matsala da safe. Sashen kula da kwastomomi ya ƙirga oda 37 da suka tsaya a `pending`: an cire kuɗi, data ba ta shiga ba. Aikin sabon ma'aikaci shi ne ya mayar da su `failed`, domin akwai wani tsari da ke bin duk odar da ta faɗi yana mayar wa mai ita kuɗinsa. Dokar shugaban ita ce ba a fara da UPDATE. Sai an fara ƙirgawa da sharaɗin da za a yi amfani da shi:

```sql
SELECT count(*) FROM orders
WHERE status = 'pending'
  AND provider_id = 2 OR provider_id = 5;
```

Ga ido umarnin daidai yake. Amma amsar da ta fito a misalin 48,210 ce, ba 37 ba. Dalili kuwa shi ne SQL yana fara haɗa AND kafin OR. Abin da rumbun ya fahimta shi ne a kawo odar kamfani na 2 da ta maƙale, a haɗa da duk odar kamfani na 5 da aka taɓa yi, har waɗanda datarsu ta shiga tun bara. Da UPDATE aka aika kai tsaye, da tsarin mayar da kuɗi ya fara biyan dubban mutanen da ba sa bin kamfanin ko sisi. Kuɗin da ya riga ya shiga asusun mutane kuwa, kowa ya san wuyar dawo da shi.

Gyaran shi ne a rubuta `provider_id IN (2, 5)`, a kuma sa iyakar lokaci, saboda jama'a ba su daina sayen data ba don ana gyara, sabbin oda na ci gaba da shigowa a `pending`. Idan ƙirgen ya ba da 37, sai a kwafe layukan nan zuwa wani tebur na daban da `CREATE TABLE ... AS SELECT`, sannan a zo ga ainihin aikin:

```sql
BEGIN;
UPDATE orders SET status = 'failed'
WHERE status = 'pending'
  AND provider_id IN (2, 5)
  AND created_at < '2024-03-04 10:00';
```

Kalmar BEGIN ita shugaban ya ja wa layi biyu. Idan babu ita, psql yana tabbatar da kowane umarni da zarar ya gama, babu komawa. Idan akwai ita, canjin yana nan a rataye: wanda ya yi shi kaɗai ke ganinsa, tsarin mayar da kuɗi bai ma san an yi ba. Allo zai nuna `UPDATE 37`. In lambar ta yi daidai, sai COMMIT. In 38 ta nuna, ko 0, sai ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Bai yarda da “ai bambancin ɗaya ne kawai” ba, domin wannan ɗayan odar wani ce da ba a san yadda ta shigo ba.

Sai dai BEGIN na da nata tarkon, kuma sababbi sun fi faɗawa cikinsa. Layukan da aka taɓa suna nan a kulle har sai an yi COMMIT ko ROLLBACK. Karanta su ba ya tsayawa, amma duk wani ɓangaren manhajar da ke son canza su sai ya jira. Mutum ya buɗe, ya ga lamba, sai ya tashi amsa waya ko cin abinci, ya bar allo haka. Idan layuka 37 ne da sauƙi. Idan dubbai ne, masu jira suna taruwa har hanyoyin shiga rumbun su cika, mai waya kuma abin da zai gani kawai shi ne da'irar nan tana juyawa. Ana gane hakan ta duba `pg_stat_activity`, inda za a ga `idle in transaction`. Saboda haka takardar ta ce a sa waɗannan tun farkon zama:

```sql
SET statement_timeout = '30s';
SET idle_in_transaction_session_timeout = '2min';
```

Na farko yana katse umarnin da ya wuce daƙiƙa 30 yana gudu. Na biyu yana korar wanda ya buɗe BEGIN ya yi shiru na minti biyu, a soke canjinsa.

Akwai gargaɗi ga wanda zai koma wurin da ake amfani da MySQL. Can, umarni irin su `DROP TABLE`, `ALTER TABLE` da `TRUNCATE` suna tabbatar da kansu ko da an buɗe BEGIN, don haka ROLLBACK ba zai ceci kowa ba. Shi ya sa ya hana sababbi taɓa su kwata-kwata da hannu.

Sauran takardar gajere ne. Asusun da ake ba sabon zuwa na karatu ne kawai, mai izinin rubutu sai an nema. Wani abokin aiki zai karanta umarnin kafin a aika, kuma a rubuta adadin da ake tsammani a saƙon tawaga tun kafin a ga amsa. Idan kuma an riga an yi COMMIT a kan kuskure, umarnin shi ne a cire hannu daga allo, a dakatar da tsarin mayar da kuɗi, a kira shugaban da ainihin umarnin da aka aika da lokacin da aka aika shi. Da wannan lokacin ne za a san iya inda za a dawo da rumbun daga kwafin ajiya.