Kashi na 14: Shekarunsu Ɗaya, Amma Ranar Ritayarsu Daban

Yau da labarin kawuna zan fara. An haife shi a 1970, ya kama aikin gwamnatin tarayya a 1992. Tuntuni ya sa wa ransa cewa sai 2030 zai ajiye aiki, wato idan ya cika 60, har ya ci bashin ginin gida da wannan lissafin. Kwanaki na ce masa, "Kawu, a 2027 fa za ka tafi." Ya ce in daina yi masa wasa. To wallahi ba wasa ba ne.

Ga yadda abin yake. A dokokin aikin gwamnati na Najeriya, agogo biyu ne ke tafiya tare. Na farko shekarun haihuwa, 60. Na biyu shekarun aiki, 35. Duk wanda ya riga cika, shi ne zai sallame ka. Kawu ya shiga aiki yana ɗan shekara 22, don haka 35 ɗinsa za ta cika a 2027, yana da 57 kacal. Abokinsa da aka haife su shekara ɗaya amma ya shiga aiki a 2000, shi sai 2030 zai tafi, domin 60 ce za ta fara cim masa.

Yanzu mu sauya wa kawu sana'a mu gani.

Da malamin makaranta ne, lissafin ya canja. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki. Kenan kawu sai 2032, yana da 62. Dalili shi ne ƙarancin ƙwararrun malamai: ana sallamar gogaggu alhali ba a samu masu maye gurbinsu ba. Amma a kula, yawancin malaman firamare da sakandare na jihohi ne da ƙananan hukumomi, kuma ba lokaci ɗaya jihohi suka fara aiki da tsarin ba. Sai ka bincika abin da jiharka ke bi. Farfesa a jami'a kuwa sai 70.

Da alƙalin babbar kotu ne fa? Nan tsarin mulki ne da kansa ya yi magana, a sashe na 291. Da can alƙalan Kotun Ƙoli da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ne ke kai 70, na manyan kotuna su tsaya a 65. A watan Yunin 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a gyaran da ya daidaita su duka a 70. Kawu sai 2040 kenan. Me ya sa? Ba a naɗa mutum alƙalin babbar kotu sai ya yi aƙalla shekara 10 da zama lauya, don haka da girmansa yake hawa kujerar. Sannan tunda tsarin mulki ne ya yanke ranar tafiyarsa, gwamna ko shugaban ƙasa ba zai iya matso da ita ba don wani hukunci bai yi masa daɗi ba.

Soja kuwa akasin haka ne. Aikin na buƙatar ƙarfin jiki, kuma yayin da ake hawa sama, kujerun na raguwa. Shi ya sa kowane muƙamin hafsa ke da iyakar shekarunsa: na kyaftin bai kai na kanar ba, na kanar bai kai na janar ba. Idan shekarun muƙaminka suka cika ba ka samu ƙarin girma ba, sai gida, ko da kana jin ƙarfinka. Akwai kuma al'adar cewa idan aka naɗa na ƙasa da kai shugaban rundunar, manyansa kan ajiye kaki. Mun ga haka a 2023 da aka naɗa sababbin hafsoshin tsaro.

Wani abin da ke rikita mutane: ranar barin aiki daban, ranar taɓa kuɗin fansho daban. A dokar fansho ta 2014, wanda ya bar aiki don kansa kafin ya kai 50, sai ya jira ya cika 50 kafin a fara biyansa fanshon wata-wata daga asusunsa. Sojoji ba sa cikin wannan tsarin, nasu daban ne.

To yaya za ka san taka ranar? Ɗauko takardar kama aikinka ta farko. Ƙara 35 a kan shekarar da ka fara, ƙara 60 a kan shekarar haihuwar da ke cikin fayil ɗinka, ka ɗauki wadda ta fi kusa. Ranar haihuwar da ka bayar tun farko ita ake bi, kuma wanda ya zarce wa'adinsa ana iya sa shi ya dawo da albashin da ya karɓa bayan nan.

Kawu dai ya koma banki don a sake duba tsarin biyan bashinsa. Ku ma ku zauna da iyayenku ku yi wannan lissafin, sannan ku faɗa min abin da kuka samu. Sai mun haɗu a kashi na gaba.