Kafin Nas Ta Tafi Ƙaro Karatu: Takardar Ajiye Aiki da Miƙa Amanar Ɗaki

Duk lokacin da makarantu suka fara sakin sunayen waɗanda suka ɗauka, sai takardu su riƙa taruwa a teburin shugabar ma'aikatan jinya, wadda har yau mutane ke kira metiron. Wannan ta sami gurbin digirin jinya a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, wancan zai tafi Asibitin Ƙashi na Dala ya ƙware a jinyar masu karaya, wata kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ce ta ɗauke ta. Abin farin ciki ne ga mai tafiya da iyalinta. Amma ɗakin da za ta bari yana nan cike da marasa lafiya, kuma daren da za ta fara kwana a makaranta dole wani ya tsaya a madadinta. Takardar ajiye aiki ita ce ke tsara yadda wannan sauyi zai gudana ba tare da majinyaci ya ji a jikinsa ba.

Kafin a ɗauki biro akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa: shin ajiye aikin ya zama dole? A aikin gwamnati akwai hutun ƙaro karatu, wani da albashi, wani babu albashi. Wadda ta tafi da irin wannan hutu tana nan a matsayin ma'aikaciya, kujerarta na jiranta. Mai albashin yakan zo da sharaɗi: a sa hannu a yarjejeniyar cewa bayan kammala karatu za a dawo a yi wa hukuma aiki na wasu shekaru, ko a biya abin da aka kashe. Wadda ta ajiye aiki kuwa ta yanke igiyar gaba ɗaya, in tana son dawowa sai ta nemi aiki sabo. A ganina bai kamata nas ɗin gwamnati ta rubuta takardar ajiye aiki ba sai ta nemi hutun a rubuce, an hana ta a rubuce. Masu aiki a asibitocin kuɗi su ne galibi ba su da wannan zaɓi, kuma su ne suka fi rubuta irin takardar da muke magana a kai.

Mu ɗauki misali. A ce wata nas ce ta shekara huɗu a ɗakin maza na tiyata, ta sami gurbin kwas ɗin aikin ɗakin fiɗa, rajista za ta fara ranar 14 ga Oktoba. Abu na farko shi ne ta zaro takardar ɗaukarta aiki ta duba wa'adin sanarwa, wanda ma'aikata ke ce wa notis. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta gindaya mafi ƙarancin wa'adi: mako guda ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda daga shekara biyar zuwa sama. Sai dai a aikin jinya abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki shi ake bi, kuma mafi yawa wata guda ne, ko a biya albashin wata a madadinsa. Tata ta ce wata guda. Don haka sai ta miƙa takarda ranar 1 ga Satumba, ta sa ranar ƙarshe 30 ga Satumba, ta bar wa kanta mako biyu na shirin tafiya.

Akwai wani lissafin da doka ba ta faɗa ba, wanda duk mai riƙe da ɗaki ta san shi. A asibitoci da yawa jadawalin duti wata-wata ake tsara shi, ana raba safe da yamma da dare tun kafin watan ya kama. Idan labarin tafiyar ya iso bayan an manna jadawalin, sai an warware shi, kuma wadda za ta ɗauki nauyin ita ce abokiyar aikin da za a soke wa hutu ko a ƙara wa dutin dare. Shi ya sa masu hankali kan sami shugabar ɗaki tun ranar da takardar makaranta ta zo, su ce, "Sista, na sami gurbin karatu, ina so ki fara ji daga bakina." Takarda ta biyo baya.

Ita takardar da Turanci ake rubuta ta a asibitocin Nijeriya, kamar sauran takardun ofis, ana aika ta ga shugaban asibiti ta hannun shugabar ɗaki da shugabar ma'aikatan jinya, kowacce ta sa hannu ta wuce da ita gaba. Ga abin da ta wannan baiwar Allah za ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, ina sanar da kai cewa zan ajiye aikina na ma'aikaciyar jinya a ɗakin maza na tiyata, bisa wa'adin wata guda da ke cikin takardar ɗaukata aiki. Ranar aikina ta ƙarshe ita ce 30 ga Satumba. Dalili shi ne na sami gurbin ƙaro karatu a fannin aikin ɗakin fiɗa, ga kwafin takardar makarantar na haɗa.

"Ina godiya ga hukumar asibiti da shugabar ɗakinmu da dukan abokan aikina, har da masu shara da masu tura gado. A wannan ɗaki na koyi kula da majinyaci a daren farko bayan fiɗa, kuma abin da na gani a nan ne ya sa na zaɓi wannan kwas.

"A shirye nake in miƙa duk abin da ke hannuna ga wadda shugabar ɗaki ta zaɓa, daga 16 zuwa 27 ga Satumba: littafin kayan ɗaki, tiren gaggawa, makullin kabad ɗin magunguna masu tsaro da rajistarsa, da bayanin majinyatan da suka daɗe a kwance. Ina roƙon a ba ni shaidar karɓar wannan takarda, da takardar shaidar aiki idan na kammala. Na gode."

Shafi guda ya ishe ta. Ba ta kawo ƙorafin albashi ko wani saɓani da ta taɓa yi da wani ba, domin takardar a fayil ɗinta za ta zauna, kuma wanda zai buɗe shi bayan shekara goma bai san abin da ya faru ba. Godiyarta kuma ta ambaci abu guda na gaskiya da ta koya, wanda ya fi jerin kalmomin yabo shiga zuciyar waɗanda suka koya mata. Ta yi kwafi biyu, ta tsaya aka buga wa nata hatimi da kwanan wata, saboda daga ranar da aka karɓa ake ƙirga wa'adi. Takardar da aka bari a kan tebur babu shaida tana iya ɓacewa, a wayi gari a ce mai ita ta gudu daga aiki.

Sakin layi na uku shi ne ya fi nauyi, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Da yawa sukan rubuta cewa za su taimaka wajen miƙa aiki, su tsaya nan. Ita ta faɗi me za ta miƙa, ga wa, kuma yaushe.

Mu tsaya a kan kabad ɗin magunguna masu tsaro, inda ake kulle allurai masu ƙarfi na kashe zafi irin su fetidin da mofin. Kowace kwalba da ta fita sai an rubuta sunan majinyaci da lokaci da adadin da aka ba shi da abin da ya rage. Ranar miƙawa mutum biyu ke tsayawa, mai bayarwa da mai karɓa, su zazzage kwalaben a kan tire su ƙirga ɗaya bayan ɗaya. A ce rajista ta nuna fetidin 18, aka ƙirga aka sami 17. Ba a sa hannu. Sai a ɗauko takardun maganin majinyatan da likita ya rubuta wa allurar a bi su, sau da yawa a tarar an yi wa na gado na shida da tsakar dare, an rubuta a takardarsa, an manta da rajista. Wadda ta yi allurar ita za ta zo ta cike gurbin a gaban shugabar ɗaki. In kuwa an bi ko'ina ba a gano ba, rahoto ake rubutawa a ranar. Nas ɗin da ta miƙa makulli ba tare da wannan ƙirga ba ta bar sunanta a kan duk giɓin da za a gano bayan ta tafi, ga shi kuma ba ta nan balle ta kare kanta.

Kayan ɗaki ba su da wahala: na'urar awon jini guda nawa, wacce ta lalace, tukunyar iskar numfashi nawa ce cike, wane magani a tiren gaggawa ya kusa ƙare wa'adi. A bi littafi, a gani da ido, a sa hannu.

Majinyatan da suka daɗe su ne ke buƙatar zama. Akwai abin da fayil ke ɗauke da shi, akwai kuma abin da ke kan nas ɗin kawai. Dattijon da ke gadon kusa da taga yana da gyambon kwanciya a ƙugu, ana juya shi duk bayan awa biyu, amma ba ya yarda sai ɗansa na kusa. Saurayin da ake wanke wa ciwon ƙafa yana jure wankin ne idan an ba shi maganin zafi rabin awa kafin a fara. Mai ciwon sukarin da ke ƙarshen layi 'yan dubiya na kawo masa kunu mai zaƙi a ɓoye. Mai tafiya za ta rubuta irin waɗannan a takarda, sannan ta zagaya da mai karɓa gado-gado, ta ce, "Baba, ga wadda za ta ci gaba da kula da kai." Majinyacin da aka gabatar wa sabuwar fuska ya fi saurin sakin jiki da ita.

Saura zagayen sallama na ofisoshi, inda ake bi da fom ɗin da ke tabbatar da ba a bin ma'aikaci komai: sito, ofishin kuɗi, asusun adashen ma'aikata in akwai rance, gidan ma'aikata in tana ciki. Idan albashi ya ci gaba da shigowa bayan 30 ga Satumba, kada ta taɓa shi, ta sanar a rubuce, domin bashi ne da za a nema. Takardar shaidar aiki kuma ta karɓe ta tun tana garin. A shekarar 2024 Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idojin tantance takardun masu neman fita waje, waɗanda suka haɗa da shaidar kyakkyawan hali daga shugaban wurin aiki, har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a kai. Ko wadda ba ta da niyyar fita waje, asibitin da zai ɗauke ta bayan kwas zai so ya ji daga inda ta baro, kuma amsar daga fayil ɗin nan za ta fito, wanda ke ɗauke da takardarta mai hatimi da rajistar da ita da mai karɓa suka sa wa hannu.