Bashin Manhajar Waya: Ribar Na Cikin Kwanakin

A ce manhaja ta rubuta bashin naira 10,000 na kwana 14. Kafin kuɗin su shigo asusu, ta zaftare 1,500 da sunan kuɗin hidima, sai 8,500 su iso hannu. Ranar biya kuma 10,500 take nema.

Mai karɓa zai ga kamar ruwan 500 ne kacal. Ina! Abin da ya biya a kan abin da ya riƙa shi ne 2,000. A raba 2,000 da 8,500, ya kai kashi 23.5 cikin ɗari, cikin mako biyu kawai.

Shekara tana da irin wannan wa'adin sau 26. Idan aka ninka, ruwan ya haura kashi 600 cikin ɗari, ba a ma saka tarar jinkiri ba.