Daga Allo zuwa Ofishin Shiri: Yadda Malami Zai Rubuta Sibinsa

Duk tallar aikin da ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa ke fitarwa a Kano ko Maiduguri ko Sakkwato, da wuya a rasa wani sharaɗi a cikinta: mai nema ya kasance ya yi shekara biyu ko uku yana tsara ayyuka da bibiyarsu. Malamin makaranta da ya kai wannan layin sai ya rufe wayarsa, don shi a ganinsa alli kawai ya riƙe tsawon rayuwarsa. Wanda ya daure ya aika kuma, sai ya tura takardar tarihin karatu da aikinsa, wadda kowa ke kira sibi, ɗauke da jimla ɗaya tilo: ya koyar da lissafi shekara tara. Mai tantancewa, da ke da ɗaruruwan takardu a gabansa, ba shi da lokacin zama ya yi tunanin abin da ke cikin shekara taran nan. Sai ya wuce.

Kafin a taɓa takardar, sai a san abin da masu ɗaukar aikin ke nufi da shiri. A wurinsu, shiri aiki ne mai ranar farawa da ranar ƙarewa, mai kuɗin da aka ware masa, mai mutane da yawa da dole a haɗa kansu, kuma mai wani abu takamaimai da za a miƙa a ƙarshe. Jami'in da suke nema, wanda za ka ga an rubuta Project Officer ko Project Coordinator a talla, shi ne mai riƙe da jadawali, mai bin kowa ya kawo nasa a kan lokaci, mai ajiye takardu, mai sanar da na sama idan abu zai makara tun kafin ya makara.

Da wannan ma'auni, shiga aji kullum ba shiri ba ne, aiki ne mai maimaituwa. A nan ne malamai da yawa ke kuskure, su yi ta ƙoƙarin yi wa darasin yau da kullum ado da manyan kalmomi, alhali abin da ya fi daraja a kasuwar yana cikin ayyukan gefe da shugaban makaranta ya ɗora musu ba tare da ƙarin ko sisi ba: jami'in jarrabawa, mai haɗa jadawalin darussa, mai shirya gasar wasanni ta gidaje, wakilin malamai a kwamitin gudanar da makaranta. Aikin da malami ya fi yin ƙorafi a kansa a ɗakin malamai, sau da yawa shi ne ya kamata ya hau saman sibinsa.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata malama ce a sakandaren 'yan mata ta gwamnati, tana koyar da ilimin halittu, kuma shekara uku ke nan ita ce jami'ar jarrabawa. Abin da ta rubuta a tsohon sibinta shi ne ta taimaka wajen harkokin WAEC da NECO. Wannan kalma ta "taimaka" ta cinye mata komai. Idan ka zaunar da ita ka ce ta ba ka labarin yadda rajistar bara ta gudana, ga abin da za ka ji. Watanni kafin jarrabawa ta tattara sunayen ɗalibai 240 daga azuzuwa shida. Ta bi malaman darussa goma sha takwas ɗaya bayan ɗaya suka ba ta makin gwaje-gwajen aji da hukumar ke buƙata. Ta gano ɗalibai talatin da sunan da ke lambarsu ta NIN ya saɓa da na rajistar makaranta, ta kira iyaye aka gyara kafin a rufe. Ta tsara ranakun ɗaukar hoto da zanen yatsa aji-aji, ta yi ciniki da mai shagon intanet, ta rubuta duk kuɗin da ya shiga da wanda ya fita. Da lokacin gwajin ɗakin kimiyya ya zo, ita ta haɗa jerin kayan da za a sayo.

Duk abin da ma'aunin can ya nema yana nan: wa'adi wanda ba ita ta sa ba kuma ba a ɗaga mata shi don ta roƙa, mutanen da ba ta da iko a kansu amma dole ta sa su motsa, kuɗi, da haɗarin da ta hango ta toshe. Sai a rubuta shi layi uku ko huɗu, kowanne ya fara da aikatau, ya faɗi girman aikin, ya ƙare da sakamako. Na farko: ta jagoranci rajistar ɗalibai 240 a jarrabawa biyu na ƙasa, shekara uku a jere, an kammala kafin ranar rufewa. Na biyu: ta karɓo tare da tantance maki daga malamai 18 bisa jadawalin da ta tsara. Na uku: ta gano kurakuran bayanai 30, ta warware su da iyaye kafin a miƙa. Na huɗu shi ne na kuɗi, da adadin nairorin da suka bi ta hannunta da wanda take kai wa rahoto. Da Turanci za a rubuta, tunda da shi ake tallar, kuma yana da kyau a ɗauko kalmomin tallar kanta inda suka dace da gaskiyar abin da aka yi. Idan talla ta ce `stakeholder engagement`, zaman da malama ta yi da iyaye da kwamitin makaranta da jami'an shiyya shi ake nufi, sai ta kira shi da wannan sunan. Manyan ƙungiyoyi kan yi amfani da manhajar da ke tace takardu, kuma ko mutum ne ke dubawa, idonsa kalmomin da ya rubuta yake nema.

Alƙaluman nan kada a ƙirƙire su. A koma kundin rajista, da takardar da shugaban makaranta ya ba da muƙamin, da rasidai. Wanda bai samu adadi daidai ba ya rubuta "kimanin", ya fi masa. A wajen intabiyu, layin da ya fi ƙyalli shi ake fara tonowa: wa ya ƙi ba ki maki a kan lokaci, me kika yi masa? Wadda ta yi aikin za ta amsa har da dariya. Wadda aka rubuta wa a shagon buga takardu za ta fara kame-kame.

Haka kuma ba a canza sunan muƙami. Na sha ganin sibin da malami ya goge "malamin aji" ya sa kansa manajan ilmantarwa, ya mayar da ɗalibai abokan hulɗa, ya mayar da littafin darasi kundin dabarun aiki. Mai tantancewa ya yi makaranta, ya san abin da malami ke yi, kuma ƙungiyoyin nan suna kiran tsohon wurin aiki su tambaya. A bar muƙamin yadda yake, malama kuma jami'ar jarrabawa, layukan ƙasa su yi magana. Abin da ake sauyawa shi ne tsari: jimla biyu a sama da ke cewa ga malama mai shekara tara da ta saba gudanar da ayyuka masu wa'adi, sannan ayyukan gefe, sannan koyarwa a taƙaice, duka a shafi biyu. Haƙuri da son yara da riƙon amana halaye ne na gari, amma kowa yana rubuta su, don haka ba sa bambanta kowa.

Daga cikin aji ma akwai abin ɗauka, sai dai kaɗan ne. Rarraba manhajar zango mako-mako da sake tsara ta idan yajin aiki ko hutun ba-zata ya ci makonni, ɗan'uwan tsara jadawalin shiri ne. Bin sakamakon ɗalibai don gano waɗanda suka koma baya ya yi kusa da aikin bibiya da auna sakamako. Horar da sababbin malamai ko masu sanin makamar koyarwa yana shiga kai-tsaye, saboda shirye-shirye da yawa horo ne kashin bayansu.

Akwai kuma inda koyarwa ba ta kai ba, kuma gara malami ya san shi tun a gida. Babban giɓin shi ne kuɗi irin na masu ba da tallafi. A can ba a sayen kaya sai an karɓo farashi daga 'yan kasuwa daban-daban, galibi uku, an kwatanta a rubuce. Kuɗin da aka ba ka na taro sai ka dawo da rasidi da takardar sa hannun mahalarta ka sauke shi kobo-kobo. Kowane kashe kuɗi yana da layinsa a kasafi, ba a ɗebo daga wannan a zuba a wancan don kawai an ga ya dace. Malamin da ya zauna a kwamitin makarantar da ta karɓi tallafin gyara a ƙarƙashin AGILE, shirin ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 wanda ya haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya riga ya ɗanɗana wannan, kuma ya kamata ya rubuta shi ɓaro-ɓaro. Giɓi na biyu kayan aiki ne: Excel na gaske, ba buɗe shi kawai ba, da KoboToolbox da ake tattara bayanai da shi a waya, da rubuta rahoton wata a shafi ɗaya.

Takardar shaida tana taimakawa wajen cike giɓin, muddin an zaɓi wadda ta dace. Project DPro, wadda a da ake kira PMD Pro, don ma'aikatan raya ƙasa aka tsara ta, kuma littafinta kyauta ne. CAPM ta cibiyar PMI tana buƙatar shaidar sakandare da awa 23 na karatun gudanar da ayyuka. PMP kuwa ta waɗanda suka riga suka shekara uku ko fiye suna jagorantar ayyuka ce, ba a fara hawa daga nan. Wanda bai gama kwas ba ya rubuta cewa yana kan yi, da watan da zai kammala.

Ƙofar da ta fi kusa ita ce shirye-shiryen ilimi, inda sanin yadda SUBEB da sakataren ilimi da shugabannin makarantu ke aiki jari ne da ɗan digirin gudanarwa ba shi da shi. A yarda a fara daga mataimakin jami'i ko jami'in fili. A kuma tuna cewa yawancin ayyukan nan kwantiragi ne na shekara ɗaya ko ƙasa da haka, yana ƙarewa idan tallafi ya ƙare. Mai aikin gwamnati ya binciki ko dokar aikinsa ta ba shi hutun da ba albashi kafin ya rubuta takardar ajiye aiki.

Idan an yi ta aikawa shiru babu kira, matsalar a takarda take ko a matakin da ake nema: a ajiye talla da sibi gefe da gefe, a ja layi a ƙarƙashin kowane sharaɗi, a ga ko akwai layin da ya amsa shi a shafin farko. Idan ana kira amma ana faɗuwa a intabiyu, takardar ta yi aikinta, saura baki. Sai malama ta zaɓi ayyuka uku daga cikin layukanta, ta gwada ba da labarin kowanne cikin minti biyu: halin da aka shiga, abin da ita da kanta ta yi, da yadda aka ƙare. Ta kula da "muka yi", domin kunya kan sa mu ɓoye a cikin jam'i, su kuwa masu tambaya suna son jin wane ɓangare ne nata.