Garin furotin na masu motsa jiki: karanta bayan roba kafin ka biya

Samarin da ke ɗaga ƙarfe sun san manyan robobin nan na garin furotin da ake kira we. Asalinsa ruwan da ke tsatsowa ne idan madara ta daskare aka kwashe cuku. Masana'antu ke tace ruwan, su busar da shi ya zama gari. Iri biyu aka fi sayarwa, konsantiret da aisolet, wani lokaci a rubuta WPC da WPI a jikin roba. Masu shago sukan tura mutum ga aisolet saboda ya fi tsada, alhali yawancin masu saye ba sa buƙatarsa.

Bambancin yana wajen tacewa. Konsantiret mai kyau yana da furotin kusan kashi 80 cikin 100, sauran kuma ɗan kitse ne da sukarin madara, wato laktos. Aisolet an ƙara tace shi har furotin ya kai kashi 90 ko fiye, laktos ɗin ya koma ƙasa da kashi 1. Furotin ɗin kansa iri ɗaya ne, kuma tsoka ba ta tambayar daga wace roba ya fito. A ludayi mai giram 30, ratar ba ta wuce giram biyu zuwa uku ba.

Wanda aisolet ke yi wa amfani shi ne mai cikin da ba ya jure laktos, wanda in ya sha madara sai kumburin ciki, tusa da zawo. Ko shi ma ya gwada tukuna, domin kofin madara yana da laktos kusan giram 12, ludayin konsantiret kuwa giram ɗaya ne zuwa biyu. Idan kana shan shayi mai madara da safe lafiya lau, ka riƙe kuɗinka. Amma wanda madara ke sa wa borin jini, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, matsalarsa furotin ɗin ne da kansa, don haka duka biyun haɗari ne gare shi. Mai ciwon ƙoda ma kada ya fara sai da izinin likita.

Wajen saye, ka bar hoton ƙaton da ke gaban roba, ka juya bayanta. Raba giram ɗin furotin da nauyin ludayi. A ce roba ta farko tana ba da giram 24 a ludayi mai giram 33: kashi 73 ke nan, wato giram 730 a kilo. Ta biyu, aisolet, tana ba da giram 25 a cikin 30: kashi 83, giram 830 a kilo. Kayan ɗanɗano ne suka rage su duka. In kilon ta farko naira 60,000 ne, na ta biyu 90,000, giram ɗin furotin ya kama kusan naira 82 a ta farko, 108 a ta biyu. Idan lissafin ya faɗo ƙasa da kashi 60, gari mai sitaci ko sukari kake saye.

Duba jerin kayan haɗin ma, domin abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Akwai robobin da ke ɗauke da sunan aisolet da manyan baƙaƙe, amma konsantiret ne a farkon jerin. Wasu kuma suna zuba gilaisin ko taurin, masu araha, don awon ɗakin gwaji ya nuna furotin fiye da gaskiya. Nemi lambar NAFDAC, ranar lalacewa da hatimin baki da ba a ɓalle ba. Wanda ake aunawa a leda, ni dai ban ba ka shawara ba.

Wajen damawa kuwa, gudaji dalilinsa ɗaya da na tuwo: bayan garin ya jiƙe ya yi ɓawo, cikinsa ya zauna a bushe. Fara zuba ruwa, kamar mililita 250, sannan garin a kai, ka rufe gorar ka girgiza na daƙiƙa ashirin zuwa talatin. In ka fara da gari, zai manne a gindi. Ruwan randa ya fi na ƙanƙara narkar da shi. Aisolet yakan yi kumfa, sai ka ajiye shi minti ɗaya ya kwanta.

Zafi ne babban mai ɓata shi. Daga kusan digiri 70 furotin ɗin yana dahuwa ya dunƙule, ko da yake amfaninsa bai tafi ba. Mai son zuba shi a koko ko kunu ya fara dama shi da ɗan ruwa a kofi har ya yi sumul, ya bari kunun ya huce yadda za a iya kurɓa, sannan ya haɗa yana juyawa. Da damina a rufe robar sosai, kada a mayar da jiƙaƙƙen ludayi ciki, kuma garin da ya canza wari ko launi a zubar da shi.